Na tausasa wa Alhaji wasiƙar Baturiya, yanzu ga wa'adi ya ƙarato

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, ina yi wa wani Alhaji, aminin mahaifina, fassarar wasiƙun kasuwanci. Yana tara riɗi a Dawanau yana fitarwa waje, bara kuma ya samu wani kamfani a ƙasar Holan. Wadda take rubuto mana daga can mace ce, jami'ar sayen kayansu. Da Turanci take rubutu, layi uku ko huɗu, babu gaisuwa, kuma sunan Alhaji na yanka take kira gatsau. Idan zan karanta masa da Hausa sai in sa mata gaisuwa da ladabi a baki, idan kuma zan mayar da amsarsa sai in cika ta da Turancin girmamawa. Da kwantenar farko mai tan 19 ta isa, ta rubuto cewa dattin da ke cikin riɗin ya kai kashi 2.1 cikin ɗari, alhali an yi yarjejeniya kada ya wuce kashi 1, kuma ba za su amince da haka ba. Na ce wa Alhaji suna roƙon a ɗan ƙara kula da tsabta. Ya ce ba damuwa, a ba su haƙuri, in sha Allahu za a duba. Haka na rubuta mata. Yanzu ta ba mu zuwa Juma'ar mako mai zuwa mu faɗi abin da za mu yi, in ba haka ba su riƙe ragowar kuɗi su kuma soke kwantena ta biyu. Ta ƙara da cewa in daina dogayen wasiƙu. Alhaji bai san zancen ya kai nan ba. Wace murya ya kamata in riƙa bi da ita tsakaninsu, ta girmamawa ko ta sakin jiki? Kuma yaya zan fita daga wannan?

Mai fassara, Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ranar gobe ta faɗi ba ka zauna da Alhaji ba. Sauran abin da zan gaya maka zai iya ɗan jira, wannan kam ba zai jira ba, domin kowace rana da ta wuce an rage masa lokacin da zai yi shawara a kan dukiyarsa. Na san abin da ya riƙe maka harshe. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya iya duban aminin mahaifinsa ya ce masa wata ta ce kayanka ba su yi ba, sai ya nemi hanyar da zai sassauta. Kunya ce da girmama na gaba, kuma ba na so ka rabu da su. Abin da nake so shi ne ka san iyakar inda suke da hurumi a cikin aikin tafinta.

Kowace wasiƙar kasuwanci tana ɗauke da abu biyu, kamar buhu da riɗin da ke cikinsa. Gaisuwa, da yadda ake kiran suna, da kalmomin ladabi, da tsawon shimfiɗa kafin a shiga magana, su ne buhun, kana da izinin ka sauya su zuwa irin wanda mai karɓa ya saba da shi. Adadi, da rana, da kuɗi, da kalmar a'a, da gargaɗi, su ne abin da ke ciki, dole su hau sikeli a can da nauyin da suka bar nan. Tambayarka ta wace murya za ka bi tana shafar kashi na farko ne kawai. Matsalar da ka shiga kuwa daga kashi na biyu ta fito.

Mu fara da inda ka yi daidai, don kada tsoro ya sa ka zubar da shi. Gaisuwar da kake ƙarawa ba ha'inci ba ce. A ofisoshin Holan, ka kira abokin ciniki da sunansa na farko ka shiga magana kai tsaye ita ce mu'amala ta yau da kullum, har ma alama ce ta cewa an saba. Da za ka kawo wannan cikin Hausa yadda yake, ka ce wa dattijo mai furfura "Wane, kayanka sun iso, ba su yi ba", da ka isar masa da raini, alhali matar ba raini ta aiko ba. Kai ka ƙirƙiro shi ke nan. Don haka idan ka buɗe da "Barka da aiki, Alhaji", ka mayar da saƙonta daidai matsayin da yake da shi a wurinta: wasiƙar aiki tsakanin mutum biyu masu mutunta juna. Sai dai ka tsaya a nan. Kada ka sa ta tambayi iyali da gajiya da sanyi, kada ka sa mata "ranka ya daɗe" a baki, kada ka yi mata addu'ar da ba ta yi ba. Da zarar gaisuwar ta yi yawa, Alhaji zai ɗauka ya yi 'yar'uwa a Turai wadda za ta kawar da kai idan an samu ɗan kuskure, kuma a kan wannan zaton zai riƙa gina shawararsa.

Akwai zaɓin da Turanci yake ɓoyewa, Hausa kuwa take tilasta maka ka yi shi a kowace jimla, wato tsakanin kai da ku. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga sarki da yaron shago. Harshen Holanci yana da biyu, ta girmamawa da ta sabo, kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka sani a Faransanci, amma tunda da Turanci take rubuto muku, ba za ka ga wacce ta zaɓa a ranta ba. Shawarata ka tsaya a kan ku. Tana ba Alhaji girmansa, sannan tana nufin shi da kamfaninsa baki ɗaya, wanda shi ne ainihin wanda ake yi wa magana a wasiƙar ciniki. "Kayan da kuka aiko ba su cika sharaɗi ba" magana ce mai nauyi, amma ba ta nuna mutum da yatsa. Ka ga ke nan Hausa ta riga ta ba ka hanyar faɗin magana mai ɗaci cikin ladabi ba tare da ka rage mata komai ba.

Yanzu ka dubi abin da ya faru da wasiƙar ƙorafin. Abu uku ne suka salwanta a hanya: adadin dattin da aka auna, da ambaton yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da kalmar ƙin amincewa. A madadinsu kalmar roƙo ta shigo, ita ce kuma ta juya zancen gaba ɗaya. Mai roƙo alfarma yake nema, ana iya yi masa yau, ana iya bari sai an samu sarari. Ita kuwa matar haƙƙi take nema wanda yake a rubuce. Alhaji ya amsa abin da ya ji, kuma amsar tasa daidai take da roƙo, don haka ba shi da laifi a nan. Ga awon da za ka riƙa yi wa kanka nan gaba, bayan ka gama karanta masa kowace wasiƙa: da ɗan kasuwar ƙasarsu ne ya karanta asalin saƙon, me zai tashi ya yi? Idan shi zai ɗauki waya nan take ya kira mai kula da injin tace kaya, Alhaji kuwa ya ce ba damuwa ya ci gaba da hirarsa, to fassarar ba ta isa ba, komai daɗin Hausarta.

Ita ma matar ka yi mata adalci. Tana da shugaba a samanta, tana da takardar ɗakin gwaje-gwaje a gabanta, tana kuma da masu gidajen burodi ko masu sarrafa abinci da suke jiran kaya a kan sharaɗin da ita ma ta yi musu alkawari. Riɗin Najeriya yana cikin kayan da Tarayyar Turai take tsananta wa bincike a bakin iyaka saboda ƙwayar cutar salmonela, kuma a 2015 ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Duk jami'in da ya ɗauki sabon mai kawo kaya daga nan ya sa wuyansa ne, idan abu ya lalace shi za a tambaya. A wurinta imel shaida ce da ake adanawa, za a iya buɗe ta bayan shekara a gaban lauya ko kamfanin inshora. Shi ya sa take son gajeren rubutu mai lamba da rana. Da ta rubuto ƙorafi mai adadi, sai ta samu dogon Turanci mai cike da yabo da girmamawa amma babu lamba ko ɗaya a ciki, abin da za ta karanta shi ne ana kewaye-kewaye don a ja lokaci. Girmamawar da ka yi niyya ba ta isa gare ta a matsayin girmamawa ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka riƙa lura da shi a rubutun irin waɗannan mutane, domin kishiyar namu ne. Mu idan ran mutum ya ɓaci, gaisuwarsa ce take gajarta. Su kuwa sau da yawa idan zance ya yi tsami, sai rubutun ya ƙara zama na hukuma. Wadda ta saba kiran sunan farko sai ta koma laƙabi da sunan mahaifi, ta kawo lambar yarjejeniya a saman wasiƙa, ta sa shugabanta cikin waɗanda aka tura wa kwafi, ta ambaci rana takamaimai. Tafintan da bai san wannan ba zai yi murna ya ce yau kam ta girmama Alhaji, alhali alamar ja da baya ce da shirin kafa hujja. Ka koma ka buɗe wasiƙarta ta ƙarshe ka duba ko akwai wani sabon suna a layin kwafi. Idan akwai, ka gaya wa Alhaji, domin shi ma wani ɓangare ne na saƙon.

Sai kuma kalmomin Alhaji, waɗanda haɗarinsu ya fi yawa idan suka tsallaka. "Ba damuwa" a bakin Bahaushe tana iya nufin na ji, mu ci gaba da mutunci. Idan ta shiga Turanci kalma da kalma a matsayin amsar ƙorafi, ma'anarta na yarda da abin da kuka ce. "A ba su haƙuri" a wurinmu lallashi ne, mutum yana ba ka haƙuri ko da ba shi ya taka ka ba. A takardar ciniki kuwa, neman afuwa kai tsaye ana iya ɗaukarsa amsa laifi tun kafin a tabbatar da awon. "Za a duba" ba ta da mai dubawa, ba ta da rana. "In sha Allahu" kuwa gaskiya ce a zuciyar Alhaji, amma wanda ba Musulmi ba, musamman wanda ya taɓa jin ta daga bakin da bai cika alkawari ba, yana iya jin ta kamar ƙofa ce aka bari a buɗe don a zame. Idan Alhaji yana son ta fito a wasiƙarsa, ka bar masa ita, haƙƙinsa ne, amma ka jingina ta da rana: za mu aiko da amsa ranar Laraba, in sha Allahu. Aikinka a duk lokacin da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan shi ne ka tsaya ka tambaya cikin ladabi: "Alhaji, in rubuta mun amince ne, ko in rubuta mun samu saƙonsu za mu amsa? Wace rana zan sa? Wa zan ce zai duba?" Tambayar ba rashin kunya ba ce, kuma ɗan kasuwar da ya daɗe a Dawanau zai gane amfaninta tun daga karon farko.

To, zaman gobe. Kada ka yi shi a rumfa a gaban dillalai da yaran shago, domin mutum yana iya jure asara a keɓe amma ya kasa jure ta a gaban jama'a. Ka nemi ganinsa a gida ko a ofis ku biyu, ka tafi da wasiƙun biyu a buge a takarda. Ka faɗi naka kuskuren a jimla biyu, kada ka tsawaita har zaman ya koma lallashinka: "Alhaji, wasiƙar da na karanta muku kwanakin baya ta fi yadda na faɗa nauyi. Na sassauta ta don ganin girmanku, kuma yin haka bai dace ba." Daga nan ka karanta masa ta ƙarshen yadda take. Ga irin Hausar da nake nufi:

"Barka da aiki, Alhaji. Kayan kwantenar farko ba su cika sharaɗin yarjejeniyarmu ba. An auna datti kashi 2.1 cikin ɗari, yarjejeniya kuwa ta ce kada ya wuce kashi 1. Ba mu amince da haka ba. Muna bukatar ku gaya mana matakin da za ku ɗauka kafin ranar Juma'ar mako mai zuwa. Idan ba mu ji daga gare ku ba, za mu riƙe ragowar kuɗin, kuma za mu soke kwantena ta biyu."

Babu zagi a ciki, babu raini, kuma babu abin da aka ɓoye. Idan ka gama, ka ɗaga kai daga takardar ka ce "wannan kuma maganata ce, ba tata ba", sannan ka yi masa bayanin cewa haka mutanen can suke rubutu ga kowa, kuma wa'adin da ta bayar yana nuna har yanzu tana son cinikin, domin wanda ya gama yanke shawarar rabuwa ba ya tsayawa tambayar me za ku yi. Ka riƙa raba muryar nan biyu kullum, ta mai wasiƙa da taka. Sannan ka mayar masa da lissafin zuwa abin da idonsa ya saba gani. Bambancin kashi 1.1 cikin ɗari a tan 19 ya kama kilo 209, wato buhu huɗu masu kilo 50 da ɗan ɗoriya na ƙasa da tsakuwa da kara fiye da abin da aka yarda. Da ya ji haka zai san girman abin, zai kuma san bai kai a rasa abokin ciniki a kansa ba.

Shawarar abin da za a yi tasa ce, kada ka yanke masa. Yana iya karɓar awonsu ya ba da rangwame daidai abin da ya ƙaru. Yana iya ɗaukar kuɗin sake tace kayan a can. Idan yana da takardar awon da aka yi kafin lodi kuma ta saɓa da tasu, yana iya neman wani kamfanin bincike mai zaman kansa ya sake ɗiban samfur. Kwantena ta biyu kuwa yana iya yin tayin a auna ta kafin ta bar Legas, a aika musu da sakamakon. Ka tuna masa ya duba abin da yarjejeniyar ta ce game da awon da ake dogaro da shi, na wurin lodi ko na wurin sauka, domin amsar tana iya sauya komai. Idan kuɗin da aka riƙe mai yawa ne, a nuna wa wanda ya san dokar ciniki kafin a rubuta kalmar da za ta zama amsa laifi.

Amsar da za ka rubuta da Turanci kada ta wuce abin da mutum zai karanta a fuskar waya ba tare da ya ja ƙasa sau biyu ba. Gaisuwa layi ɗaya da sunanta, yadda ita take sa hannu. Jimla ta farko ta ce mun samu saƙonku game da kwantena mai lamba kaza, mun fahimci an auna kashi 2.1 maimakon kashi 1. Maimaita adadin nan shi ne babban ladabin da za ka yi mata, domin shi zai nuna mata a karon farko cewa an ji ta. Jimla ta biyu ta ce mun ɗauki al'amarin da muhimmanci, wanda yake isar da haƙurin Alhaji ba tare da ya amsa laifin da bai tabbatar ba. Sai matakin da ya zaɓa, da ranar da za a yi shi, da abin da kuke bukata daga wurinsu, misali kwafin takardar gwajin. Sai rufewa layi ɗaya. Ka cire duk kalmomin nan na mai girma, da mai daraja, da muna masu ƙanƙan da kai, irin na wasiƙar neman aiki da aka koya mana a makaranta. Kada kuma ka tsallaka ɗaya ɓangaren ka fara yi mata raha ko ka kwaikwayi sakin jikinta, domin da sunan dattijo kake rubutu. Muryar da ta dace da Alhaji a Turanci ita ce ta mutum mai natsuwa, mai gajeren zance, wanda ya san kayansa. Kafin ka tura, ka mayar masa da abin da ka rubuta zuwa Hausa jimla bayan jimla, ya ce to.

Yana yiwuwa ran Alhaji ya ɓaci, ya ce rubuta mata kaza da kaza. A nan ne jarabawar farko za ta dawo maka ta ɗaya fuskar, ka ji kana so ka tausasa a ɓoye. Kada ka yi. Ka gaya masa a fili yadda maganar za ta sauka a can, ka roƙe shi a bar ta ta kwana, da safe ka kawo masa rubutu biyu, nasa yadda ya faɗa da wanda kake ganin ya fi, ya zaɓa. Idan ya dage a kan nasa, ka isar da matsayinsa da cikakken ƙarfinsa. Yana da ikon ya ƙi, yana da ikon ya fasa ciniki, kai kuma ba ka da ikon ka sa shi ya yarda da abin da bai yarda da shi ba. Idan kuwa fushin a kanka ya sauka har ya fara shakkar sauran wasiƙun baya, kada ka kare kanka da yawan magana. Ka ce ya kawo duk wanda ya amince da Turancinsa ya karanta su a gabanka. Mahaifinka kuma ka sanar da shi da bakinka a daren nan, don kada ya fara ji daga wurin amininsa, amma kada ka tura shi ya yi maka bayanin da kai ya kamata ka yi.

Game da matar, ba sai ka rubuta mata dogon ikirari ba. Idan Alhaji ya yarda, jimla ɗaya ta isa: saƙonku na farko bai isa ga Alhaji da cikakken bayaninsa ba wajen fassara, yanzu ya gani. Wannan zai wanke shi daga zargin ya yi biris da ita, kuma mutanen da suka saba da magana kai tsaye sukan karɓi irin wannan bayani da sauƙi.

Idan ƙura ta lafa, sai ku gyara zancen suna. Mai yiwuwa ita ba ta san Alhaji laƙabi ne na girma ba, ko ta ɗauka wani ɓangare ne na sunansa da ake iya ajiyewa. Ka rubuta mata a saƙo na daban, da sunanka, cewa a nan ana kiransa Alhaji wane, haka abokan cinikinsa suke yi, kuma ka sa wannan a sa hannun kowace wasiƙa. Yawanci sau ɗaya ake faɗa. Shi ma ka gaya masa sau ɗaya cewa gaisuwar da yake ji a farkon wasiƙunta kai kake daidaita ta da al'adarmu, don ya san abin da yake nata da abin da yake naka. Matsawa daga muryar aiki zuwa ta sabo kuwa ba tafinta ke yanke ta ba. Idan ta fara tambayar yadda damina ta yi a Kano, ko ta aiko da barka da Sallah, ka isar masa, shi ya ga ko zai mayar da irinta. Idan shi ya so ya yi mata barka da sabuwar shekara, ka rubuta a gajarce. Ka bi su a baya da taki ɗaya, kada ka riga su.

Kada kuma ka ɗauki darasin Holan ka shafa wa kowa. Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, kuma idan Allah ya kawo wa Alhaji abokin ciniki daga can za ka tarar da akasin wannan: sunan iyali da laƙabin girmamawa, shimfiɗa mai tsawo, da ƙin amincewa da ake naɗewa a cikin kalma irin "abin zai yi wuya". A nan aikinka zai zama ka fito wa Alhaji da a'ar da ke ciki, don kada ya yi ta jiran amsar da an riga an ba shi. Duk sabon kamfani, ka karanta wasiƙunsu uku ko huɗu na farko kana lura da yadda suke buɗewa, da yadda suke sa hannu, da yadda suke cewa a'a, ka fara da muryar girmamawa mai sauƙi har ka ga inda suka dosa.

Idan zaman gobe ya ƙare Alhaji bai yanke shawara ba, wataƙila yana so ya tuntuɓi wanda ya tace masa kayan ko ya nemo takardar awon lodi, kada ku bar matar cikin shiru. Ka nemi izininsa ka tura layi uku a ranar: mun samu saƙonku, mun ga adadin da wa'adin, cikakkiyar amsarmu za ta iso ranar Laraba. Ka zaɓi ranar da ta riga wa'adinta da kwana biyu, don a samu sararin mayar da magana idan ta ƙi tayin farko. Idan kuma aka yi waya ko aka yi musayar saƙon murya a WhatsApp a tsakani, duk abin da aka amince da shi ka rubuta shi a imel a ranar, ka karanta wa Alhaji da Hausa kafin ya tafi.